Tsokaci a kan Tsarin Darasin Sassan Fure: Zane, Laƙaba Suna da Jeranta Tambayoyi

1.0 Gabatarwa

Darasin sassan fure yana daga cikin darussan ilimin halittu da malamai kan ɗauka ba su da wuyar tsarawa. Zane yana nan a littafi, sunayen ba su wuce goma sha biyu ba, tambayoyin kuma kusan a haddace suke. Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan yadda aka saba tsara wannan darasi a babbar sakandare, musamman a azuzuwan da malami ke haɗa Hausa da Ingilishi wajen bayani. Ra'ayinmu shi ne, tsarin da aka saba yana farawa ne daga inda ya kamata ya ƙare, wato daga suna da zanen littafi, don haka laƙaba suna ya koma kwafi, tambayoyi kuma suka koma tilawa. Za mu gwada wannan ra'ayi da fure guda ɗaya, furen kuɓewa.

2.0 Samfurin Tsarin da Aka Saba

Samfurin da za mu duba mun haɗa shi ne daga siffofin da ke yawan maimaituwa a littattafan tsarin darasi na malamai da na ɗalibai masu gwajin koyarwa. Lokaci minti 40 ne. Manufa ita ce a ƙarshen darasi ɗalibi ya iya zana fure, ya laƙaba wa sassansa suna, ya kuma faɗi aikin kowane sashe. A gurbin kayan koyarwa an rubuta allo da alli da zanen fure a kwali. Malami zai buɗe da tambayar mene ne fure, ya yi minti 15 yana zane da bayani, ya ba ɗalibai minti 10 su kwafa, sa'annan ya auna fahimta da tambayoyi biyar: mene ne fure, ambaci sassan fure huɗu, mene ne aikin fetal, a ina ake samun bununi, bambanta sitamin da fistil.

A ido, babu abin zargi a nan. Kowane gurbi an cike shi, lokaci ya daidaita, mai duba aiki zai sa hannu ya wuce. Sai dai idan aka lura, ɗalibi zai iya cika dukkan manufofin nan ba tare da ya taɓa fure da hannunsa ba. Ba a kuma tanadi wata hanya da malami zai bi ya rarrabe wanda ya gane da wanda ya iya kwafi ba, domin amsar kowace tambaya tana rubuce a allo lokacin da ake yin ta.

Zanen da ke kwalin nan kuwa ba hoton wani fure ba ne da ake samu a gona ko a daji. Masu rubuta littattafai ne suka tattaro siffofin furanni da dama suka zuba su a tsari guda domin sauƙaƙawa: sefal a ware, fetal a ware, sitamin biyar ko shida kowanne a tsaye shi kaɗai, fistil a tsakiya kamar gora mai dogon wuya. Zanen yana da amfani ga wanda ya riga ya buɗe furanni biyu ko uku, domin zai taƙaita masa abin da ya gani. Ga wanda bai buɗe ko ɗaya ba, abin da zai koya shi ne matsayin kalma a kan takarda, wato cewa kalma kaza tana sama ta hannun dama. Shi ya sa idan aka juya zanen, ko aka kawo wani fure dabam a jarrabawar gwaji, sai a ga ɗalibin da ya ci goma bisa goma a aji ya rasa inda zai kai layinsa.

3.0 Zaɓen Fure Shi ne Rabin Tsarin

Abin da ya kamata mai tsara darasi ya fara yankewa, tun kafin ya rubuta manufa, shi ne wane fure zai shiga aji. Furen ne zai ƙayyade tambayoyin da za su yiwu da waɗanda ba za su yiwu ba. Littattafai da yawa sukan kawo furen ado na habiskos, kuma ba laifi, amma yana da illoli biyu. Akwai irinsa mai ninkin fetal, wanda a cikinsa wasu sitamin sun rikiɗe sun zama fetal, don haka ƙirgar ɗalibi ba za ta dace da ta littafi ba. Haka nan kuma wanda ake shukawa a harabar makaranta da wuya a ga ya ƙulla ɗa, saboda haka ba za a iya nuna wa ɗalibi abin da fure ke zama ba, alhali kuwa wannan shi ne ƙashin bayan darasin.

Kuɓewa danginsu ɗaya da habiskos, tare da yakuwa da rama da auduga, kuma ginin furensu kusan ɗaya ne. Fifikonta shi ne a jikin tsiro guda za a iya samun ƙullin furen da bai buɗe ba, da furen yau, da na jiya da ya yanƙwane, da ɗan ƙaramin ɗa mai kwana biyu, da kuɓewar da ta isa miya. Tarihin furen gaba ɗaya yana jere a kara ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Daɗin daɗawa, babu ɗalibin da bai san ƙarshen labarin ba, domin ya sha ganin ana yanka kuɓewa a gida.

Wannan zaɓi yana da sharuɗɗan da dole su fito a rubuce cikin tsarin. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kwana ɗaya kuma yake yi, kafin la'asar ya soma rufewa. Ke nan darasin na safiya ne, kuma a ranar za a tsinko furen. Sai batun yawa. Idan aji na da ɗalibai 60 aka kasa su shida-shida, an sami rukuni 10. Kowane rukuni yana bukatar buɗaɗɗen fure biyu, ɗaya na ɓarewa ɗaya na tsagawa, wato fure 20, sai ƙulli 10, furen jiya 10, da ɗanyar kuɓewa 10. Tsiro ɗaya ba ya yawan buɗe fure fiye da ɗaya a rana, don haka ana bukatar fili mai tsiro da dama, kuma kowane fure da aka tsinka asarar kuɓewa ɗaya ce ga mai gona. Malamin da makarantarsa ba ta da gona sai ya shirya da mai lambu tun da wuri. Wannan lissafi ba ya fitowa a samfurin da muka kawo, kuma rashinsa ne ke mayar da malamai ga kwali a ranar darasi, ba lalle ƙyuya ba.

Minti 40 ba za su isa ba. Darasin na ninkin lokaci ne, minti 80, kuma ya dace masu tsara manhaja su faɗi haka ƙarara maimakon su bar malami ya matse shi.

4.0 Jeranta Tambayoyi

Yawancin malamanmu sun karanta rabe-raben manufofin ilimi na Benjamin Bloom da abokan aikinsa na shekarar 1956, wanda ya jera matakan tunani daga tunawa zuwa fahimta, zuwa amfani da abin da aka sani, har zuwa yanke hukunci. Abin da ya rage a hannun da yawa daga cikinsu shi ne jerin kalmomin aikatau: a fara da ambaci, a bi da bayyana, a rufe da bambanta. A samfurinmu an bi wannan jeri, amma tambayar ƙarshe, wato bambanta sitamin da fistil, tunawa ce kawai aka sa wa babbar riga, tunda malami ya rubuta bambancin a allo minti goma da suka wuce.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai tsara darasi zai yi wa tambayoyinsa. Ya rubuta kowace a 'yar takarda, ya cakuɗa su, ya sake jerawa yadda suka faɗo. Idan darasin bai yi asarar komai ba, to tun farko ba jeri ba ne, tari ne. Tambayoyi biyar na samfurinmu za a iya yin su ta kowace fuska. A jeri na ainihi, amsar tambaya ta uku ita ce kayan aikin amsa ta huɗu, kuma wanda ya tsallake ɗaya zai ji giɓin.

Furen da kansa ya ba da hanyar jerawa, domin sassansa a zagaye suke, wani cikin wani, daga waje zuwa ciki. Tambayoyin farko na gani ne da ƙirge, ba sa bukatar suna ko ɗaya. Malami zai sa a ɗauki ƙullin da bai buɗe ba, ya tambaya: me ya rufe shi? Ɗalibai za su ga wasu siraran koraye kamar yatsu a gindi, da wata koriyar riga da ta lulluɓe ƙullin baki ɗaya. Sai a ɗauki buɗaɗɗen fure a nemi wannan riga. Za a tarar ta tsage ta gefe ɗaya ta koma baya. Daga nan tambayar aiki ta zo da kanta: a wane lokaci wannan riga ta fi amfani, kafin buɗewa ko bayan buɗewa? Ɗalibin da ya riƙe ƙulli a hannun hagu da fure a hannun dama zai ce kafin buɗewa, kuma zai faɗi dalili. A wannan gaɓa ce malami zai ba da suna, ya ce rigar nan sefal ne da suka manne da juna, siraran da ke ƙarƙashinta kuma ƙari ne da dangin kuɓewa ke da shi, ba kowane fure ba. Sunan ya zo ne bayan an ga abin, an kuma san aikinsa, don haka ya sami wurin zama.

Abin lura a nan, kada malami ya rubuta adadin siraran nan a tsarinsa a matsayin amsa guda, domin yawansu yakan bambanta daga wani iri zuwa wani. Idan rukuni ɗaya ya ce takwas wani ya ce goma, ba kuskure ba ne, kuma ya fi kyau a rubuta duka a allo. Fetal kuwa biyar ne, rawaya masu jan gindi mai duhu. A kansu ba a bukatar daɗewa. A ƙirga, a cire, a jera a kan farar takarda, a tambayi ina jan tabon yake nunawa, a wuce.

Inda ya kamata a zauna shi ne abin da ya rage bayan an cire fetal. A tsakiya akwai wani ginshiƙi guda, jikinsa cike da ƙananan ƙwayoyi rawaya, kansa kuma da wasu dunƙule-dunƙule ja masu laushi. A nan ne zanen littafi ke yaudarar ɗalibi. Ya saba ganin dogon abu guda a tsakiyar zane ana kiransa sitayil, saboda haka da ya ga ginshiƙin nan sai ya ba shi wannan suna. Alhali ginshiƙin bututu ne da ƙafafun sitamin masu yawa suka haɗu suka yi, wato sashen namiji ne, sitayil kuwa yana ɓoye a cikinsa. Malami ba ya bukatar ya yi musu. Tambayoyi uku sun isa. Ta farko: ku shafa yatsa a jikin ginshiƙin, me ya manne? Ƙura ce rawaya, irin wadda manoma ke kira bununi a kan gero da masara. Ta biyu: ku duba jan kan nan da gilashin ƙara girma, shi ma yana fitar da ƙurar ne, ko kuwa sauka ta yi a kansa? Ta uku: idan jan kan ba daga ginshiƙin ya tsiro ba, daga ina ya fito? Sai a ba su allura su tsaga bututun a tsaye a hankali. Wani farin zare zai bayyana, wanda samansa ke riƙe da jan kan, ƙasansa kuma ya dasu a kan wani ɗan kumburi kore a gindin fure. Rukunin da ya ciro wannan zare bai tsinke ba ya gama fahimtar fistil: istigima a sama, sitayil a tsakiya, obari a ƙasa, abu guda mai sassa uku.

Yanzu sai a ajiye ɗan kumburin nan kusa da furen jiya, da ɗanyar kuɓewa, a tambaya: wane sashe ne ya rage bayan sauran sun zube? A yanka obari a kwance, a yanka kuɓewa a kwance, a ƙirga ɗakunan da ke cikin kowanne. A yawancin iri biyar ne, wasu kuma sun fi haka, amma obari da kuɓewar tsiro ɗaya sukan zo daidai ko kusa. Fararen ɗigon da ke cikin ɗakunan obari su ne obul, kuma ɗalibi zai gane su nan take, domin su ne ƙwayoyin da ya sani a miya tun ba su girma ba. Jumlar nan da ake haddacewa, cewa obari ke zama ɗa obul kuma ya zama iri, ta zama abin da aka ƙirga aka gani.

Tambayoyin hasashe su ne na ƙarshe, kuma a nan muke ba da shawarar taka-tsantsan. Malami zai so ya tambaya: idan aka rufe furen da leda ƙudan zuma bai shiga ba, za a sami kuɓewa? Amsar da zanen littafi ke sa rai ita ce a'a. A kuɓewa kuwa amsar ita ce galibi za a samu, domin bununin yana dab da istigima, furen kuma yakan yi barbara da kansa ko da ƙwaro bai zo ba. Malamin da ya rubuta a'a a tsarinsa zai koyar da abin da gonar makaranta za ta ƙaryata. Tambayar tana da kyau, amma a haɗa ta da kabewa, wadda furenta namiji dabam mace dabam a jikin yaɗo ɗaya, inda in ba a sami mai ɗaukar bununi ba ɗan kumburin zai yi rawaya ya faɗi. Me ya sa rufewa ta hana kabewa ba ta hana kuɓewa ba? Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama ta ƙarshe, domin ba mai amsa ta sai wanda ya bi dukkan na baya.

Ya kamata tsarin ya nuna har da shirun da za a yi. Binciken Mary Budd Rowe a azuzuwan kimiyya na Amurka a farkon shekarun 1970 ya nuna malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye amsoshin ɗalibai kan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. A ajin da ɗalibi zai yi tunani da Hausa ya nemi kalma da Ingilishi, bukatar wannan jira ta fi ƙarfi. Amsar haɗa baki, wadda aji duka ke rerawa, ba ta auna komai a irin waɗannan tambayoyi.

5.0 Kalmomin da ke Ɓata Tambaya

Tambaya mai kyau takan lalace a bakin malami saboda kalma ɗaya. Kalmar 'ya'ya a Hausa ta haɗa abu biyu da ilimin halittu ya raba. Idan aka ce 'ya'yan kuɓewa, ana iya nufin kuɓewar da ake tsinka daga kara, ana kuma iya nufin ƙwayoyin da ke cikinta. Don haka tambayar wane sashe ne ke zama 'ya'ya tana da amsa biyu, obari da obul, kuma duka daidai ne. Malamin da ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya ya hukunta ɗalibi a kan laifin tambayar. Gyaran shi ne tun a tsarin darasi a tsai da kalma biyu, a ce ɗa ko kwanso ga abin da obari ya zama, ƙwaya ga abin da obul ya zama, a kuma riƙe su har ƙarshe.

Haka kalmar iri. Wasu malamai kan fassara bununi da irin namiji, sai ɗalibi ya fita da tunanin cewa ƙurar nan iri ce da za a iya shukawa ta tsiro. Tunda manomi yana da kalmar bununi, babu dalilin ƙirƙirar wata. Ganyen fure ma ba ta wadatar ba, domin ta rufe sefal da fetal duka, ga kuma ganyen tsiro na ainihi. Mahaifa kuwa, da wasu ke ba obari, za ta dawo ta rikita ɗalibi idan aka zo darasin haihuwa a dabbobi, inda mahaifa gaɓa ce dabam da wurin da ƙwai ke fitowa. A ganinmu, inda Hausa ke da kalmar da ta tsaya a kan abu guda a yi amfani da ita, inda babu a ari ta kimiyya a bayyana ta da abin da ke hannu. Tunda da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO, kuma ana duba daidaiton rubutun suna, wajibi ne malami ya rubuta sunayen a allo da rubutunsu na Ingilishi, amma bayan an ga sashen, ba kafin ba.

Akwai kuma ma'anar da malamai ke bayarwa don sauƙi, cewa sefal shi ne kore, fetal shi ne mai launi. Zoɓo ya rushe wannan ma'ana. Jan soɓorodon da ake jiƙawa a yi zoɓo ba fetal ba ne, sefal ne na yakuwa da suka yi kauri suka yi ja bayan fetal sun zube, suna rungume da kwanson da gurguzu ke ciki. Idan malami ya kawo ɗanyen soɓorodo guda ya tambaya wane sashe ne wannan, zai gane nan take wanda ya riƙe launi da wanda ya riƙe matsayi. Matsayi a cikin zagaye, da abin da sashen ke yi, su ne ma'auni.

6.0 Zane da Laƙaba Suna

Zane ya kamata ya zo bayan tambayoyi, kuma a zana furen da ke kan tebur. A nan ake amfani da fure na biyu, a tsaga shi a tsaye daga mariƙi zuwa sama, ta tsakiyar obari. Yauƙin kuɓewa yakan sa reza ta zame, don haka ya fi dacewa malami ya yi tsagar da kansa da sabuwar reza yana bin rukuni-rukuni. Idan tsagar ta kauce tsakiya ba za a ga obul ba, ɗalibi kuma zai ƙara su daga ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce alamar farko ta kwafi: zanen da ya nuna abin da ba ya cikin samfurin. Alama ta biyu ita ce sitamin a ware ɗaya-ɗaya a zanen da aka ce na kuɓewa ne.

Ƙa'idojin zanen ilimin halittu sanannu ne: fensir mai tsini, layi guda ba karce-karce ba, babu inuwa, take a rubuce, layukan nuni da rula ba sa gitta juna, sunaye a kwance. Malamai kan karanto su a matsayin dokokin cin maki. Amma guda ɗaya daga cikinsu ita ce ainihin ma'aunin fahimta, wato cewa bakin layi ya taɓa sashen da ake nufi. Layin nuni da'awa ce, ɗalibi yana cewa wannan abu, ba na kusa da shi ba, shi ne kaza. A furen kuɓewa da aka tsaga, tsakanin bangon bututu da sitayil tazara ce 'yar kaɗan. Ɗalibin da bai tabbata ba zai tsai da layinsa a tsakanin biyun, ko ya ja shi ya ratsa duka. Mai gyara ya fara duba wannan wuri kafin ya duba kyan zane. Haka nan layin obul ya tsaya a kan ɗigo guda, na obari kuma a kan bango. Idan duka biyun sun faɗa fili ɗaya, ɗalibin bai raba su ba tukuna, ko da ya rubuta sunayen daidai.

Girman zane ma a auna shi. Idan tsawon furen santimita 5 ne, zanen kuma ya kai santimita 10, an raba 10 da 5, an sami ninki biyu, a rubuta ×2 a ƙarƙashin zane. Da yawa sukan rubuta wannan lamba ba tare da sun ɗora rula ba, domin sun ga haka a littafi. Ya dace tsarin ya nemi a rubuta awo biyun a gefe.

Za a iya cewa kuɓewa ta yi sarƙaƙiya ga mai farawa, kuma jarrabawa takan nemi zanen gama-gari. Akwai gaskiya a wannan. Inda ake da itacen nan mai jan fure da littattafai ke kira filamboyan, furensa mai sitamin goma a ware ya fi kusa da zanen littafi, sai dai lokacin furensa ƙayyadajje ne a shekara. Amsarmu ita ce kwalin malami bai rasa gurbi ba, gurbinsa ne ya sauya. A fito da shi a minti 15 na ƙarshe, ba tare da sunaye ba, a nemi ɗalibai su laƙaba, sa'annan su nuna wurare biyu da ya saɓa wa furen da suka buɗe. A lokacin nan zanen ya zama taƙaitawa, kamar yadda aka yi shi domin ya zama.

Jinga kuma kada ta zama a sake zana fure. A ba su goyon masara mai giɓi, wanda wasu gurabunsa ba su yi ƙwaya ba. A gaya musu abu ɗaya kawai, cewa kowane zare na gemun masara yana kaiwa ga gurbin ƙwaya guda. Su faɗi wane sashe na furen kuɓewa ne gemun ya yi daidai da shi, ina bununin masara yake fitowa, me kuma ya faru da guraben da suka zauna fanko. Rudolf Camerarius, a wasiƙarsa ta 1694 a kan jinsi a tsirrai, da irin wannan gwaji ya kafa hujja, inda ya cire gemun masara ya ga ƙwaya ba ta ƙullu ba. Ɗalibin da ya ce gemun shi ne istigima da sitayil, bununi daga tutar da ke saman kara yake saukowa, giɓin kuma zaren da bununi bai sauka a kansa ba ne, ya ɗauki abin da ya koya a fure ɗaya ya kai shi ga tsiron da ba shi da fetal ko ɗaya.